Rigar alharini ta ɓaci bayan buki: wane tabo ke fita, wanne ya zauna

*Hajiya, barka da wuni. Cikin kayan lefena akwai doguwar riga ta alharini, tsanwa mai duhu, da mayafinta. Sau ɗaya na sa ta, ranar bukin ƙanwata cikin watan Afrilu. Na shafa humra, na fesa turare, na wuni da ita, na linke na ajiye. Bayan kwana 10 na fiddo ta, na tarar hammata ta sake launi, wuya kuma ya yi ɗigo-ɗigo. Na jiƙa tsumma da garin sabulu na goge wuraren, na shanya a rana. Yanzu ga fari-fari, ga wani zobe kewaye da shi. Jabu aka saya mini ne, ko ni na ɓata ta? Tana gyaruwa?*

*Wata amarya daga Ali Ɗan Sofo, Maraɗi*

Barka kadai, ɗiyata. Allah ya sanya albarka a auren, naki da na ƙanwar taki.

Ki kwantar da hankalinki game da masu lefe, don bisa ga abin da kika faɗa ban ga alamar sun cuce ki ba. Da jabu ce, irin foliyestan nan mai sheƙi da ya cika kasuwa ana kiransa siliki, da kin goge ta da garin sabulu kin shanya ta tsakar rana ba abin da zai same ta. Foliyesta ɗan'uwan leda ne, ba ya shan ruwa sosai, bai damu da zufa ba. Wannan saurin fushi da rigarki ta nuna halin alharini ne na gaske. In kina son tabbaci, ki juya rigar, ki zaro ƴan zare daga bakin ɗinki na ciki, na tsaye da na kwance duka, domin akwai yadin da ake haɗa zare iri biyu. Ki riƙe su da tsinke ki kai bakin ashana nesa da rigar. Alharini yana ƙonewa a hankali, yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin dunƙule wanda in kin murza shi da yatsa sai ya zama gari. Foliyesta narkewa yake yi ya bar ƙwallo mai tauri da ba ya murzuwa. In kuwa ya ci da sauri yana warin takarda, biskos ne ko auduga.

Wannan warin gashin shi ne mabuɗin duk abin da zan gaya miki. Auduga daga tsiro take, alharini kuwa daga jikin halitta mai rai ya fito: wata tsutsa ce mai cin ganyen bishiyar tut take fitar da shi daga bakinta, ta naɗe kanta da shi, zare ɗaya tal mai tsawon mita ɗaruruwa. Furotin ne, dangin gashin kanki da fatar jikinki. Zaren yana fitowa da wani danƙo a jikinsa wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, sai a dafa shi cikin ruwan sabulu danƙon ya fita, a bar zaren tsirara, santsi, mai kusurwa uku kamar an fere shi. Waɗannan ɓangarori uku masu santsi su ke maido da haske, shi ne sheƙin da ya sa ake biyan kuɗin. Saboda haka duk abin da kika san yana cin gashi, irin su kanwa, toka, ruwan jabel, zafi mai yawa da rana, yana cin alharini. Kakanninmu ma sun san kayan: jan alharinin da fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus, da zaren tsamiya na daji da ake yi wa manyan riguna aiki da shi.

To, abin da ke jikin rigarki ba tabo ɗaya ba ne. Iri huɗu ne suka hau kan juna, kowanne da sanadinsa, kuma ba duka ke fita ba. Sai kin rarrabe su kafin ki sake taɓa ta.

Na fara da zufa, don ita ta fara ɓarnar, kuma ita mutane suka fi rainawa. Alharini yana shan danshi ƙwarai. Yana iya ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da kin ji ya jiƙe a hannu ba. Wannan ne ya sa yake da daɗin sawa a zafi, kuma shi ne ya yaudare ki. A Afrilun Maraɗi, da zafi ke wuce digiri 40, kin wuni cikin taro, kin dawo kin taɓa rigar kin ji ta a bushe, kin linke. Ruwan ne kaɗai ya tafi. Gishirin zufar, da maiƙon jiki, da sauran abin da fata ke fitarwa, duk suna nan cikin zaren. Sabuwar zufa tana da ɗan tsami kaɗan, kuma alharini yana jure wannan. Amma in ta kwana ta tsufa, ƙwayoyin cuta na fata suna sarrafa ta, sai ta juya ta koma ɓangaren kanwa. Galibin rinin da ake yi wa alharini kuwa cikin ruwa mai tsami ake kama shi da zaren, don haka da wurin ya koma ɓangaren kanwa sai rinin ya fara saki ko ya sake kama. Tsanwa takan koma rawaya-rawaya ko shuɗi-shuɗi, saboda sau da yawa haɗin launi biyu ce, ɗaya ya riga ɗaya gudu. Gishirin kuma yana zaune yana raunana zaren a hankali. In kin taɓa ganin tsohuwar rigar alharini wadda ko'ina lafiya amma hammata ta tsage kamar an yanka da reza, to aikin zufar da ba a wanke ba ne.

Ba ki ce ko kin shafa wani abu a hammata ba, amma na san ƴan matan yanzu, da wuya a fita buki ba a shafa ba. Maganin hana zufa na kwalba yawanci yana da gishirin alminiyum, alimun ɗin da wasu ke gogawa ma danginsa ne. Su ma suna taɓa rinin kuma suna ƙara wa zaren rauni, musamman in an sa rigar tun ba su bushe a fata ba.

Da a daren bukin kika tsoma rigar cikin ruwan sanyi na minti 3, da wannan duka bai faru ba. Kwana 10 ɗin nan da ta yi a linke cikin ɗaki mai zafi su suka yi aikin, ba wunin da kika yi da ita ba.

Sai ɗigo-ɗigon wuya. Nan turare biyu ne, kuma kowanne hanyarsa dabam. Turaren fesawa mafi yawansa alkol ne, ƙamshin kaɗan ne a cikinsa. Alkol yana narkar da rini. In ɗigon ya sauka bisa alharini sai ya ɗaga launin wurin ya tura shi gefe, ya bushe cikin ƴan daƙiƙu, ya bar tsakiya da haske, baki-bakin kuma da duhu. Wani lokaci ba a ganin komai a ranar, sai an wanke ko an yi guga sannan ya bayyana, shi ya sa ake yawan ɗora wa mai wanki laifin da ba nasa ba. Humra da turaren mai su kuma maiƙo suke bari. Da fari wurin yakan yi duhu kamar ya jiƙe, in ya daɗe yana shan iska da zafi sai man ya tsufa ya koma rawaya ko ruwan ƙasa, ya kama zaren. Ga yadda za ki gane wanne ne: ki ɗaga rigar ki duba ta wajen haske. Ɗigon da ya fi sauran yadin duhu, mai ne, kuma ana iya sa ran zai fita. Wanda ya fi sauran yadin haske, rini ne ya tafi, kuma ba wankin da zai maido shi, domin ba datti ne ya hau ba, launi ne ya fita.

Ba zan ce ki bar turare ba, wa zai gaya wa amarya haka? Tsari kawai za ki sake. Ki shafa humrarki a fata, ki fesa na fesawa, ki jira kamar minti 10 su bushe sarai, sannan ki sa rigar. Humra ta tsaya inda yadin ba ya gogar fata, ko ki sa ƴar shimi ta auduga mai hannu a ciki, wadda za ta tare zufar hammata ma gaba ɗaya. Turaren wuta kuwa, ki turara shimin da zanen ciki bisa kabbasa yadda kike so, ƙamshin zai ratsa. Ita rigar alharinin kada ta hau kabbasa. Hayaƙin yana ɗauke da mai da sukarin da aka haɗa turaren da su, ga zafin garwashi daga ƙasa, kuma a yadi mai haske za ki ga ya dusashe tun ba a je ko'ina ba.

Yanzu ga inda abin ya fi yi mini ciwo, wato farin nan. Mutane suna cewa alharini ba ya son ruwa. Ba haka ba ne ɗungum, ai cikin ruwa aka dafa shi, cikin ruwa aka rina shi. Abin da ba ya so shi ne a murza shi yana jiƙe. In ya sha ruwa zaren yana kumbura, ya yi laushi, ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Kowane zare kuma, ko da yake ido yana ganinsa guda, tarin ƙananan zaruruwa ne da suka manne da juna. Da kika sa tsumma kika goga, sai na saman suka tsattsage suka miƙe tsaye kamar gashin jikin ɗan tsako. Santsin da ke maido da haske wuri ɗaya ya tafi, yanzu hasken warwatsuwa yake yi, ido kuma yana ganin wurin fari-fari kamar an barbaɗa alli. A yadi mai duhu irin naki abin ya fi fitowa. Garin sabulun ya ƙara taimakawa, domin yana da kaifi irin na kanwa, kuma da yawansu ana zuba musu sinadarin da aikinsa shi ne cin tabon jini da na ƙwai da na nama, wato cin furotin. Wannan sinadarin bai san bambancin tabon miya da zaren rigarki ba.

Ki gwada wannan don ki tabbatar. Ki ɗiga ruwa kaɗan a kan farin. In ya ɓace yana jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, kuma in kin karkata yadin yana ƙaruwa ta wani gefe ya ragu ta wani, to zaren ne ya tsage. In kuwa sauran sabulu ne da bai fita ba, za ki ji wurin da ɗan tauri, kuma ɗauraya za ta tafi da shi. Ina fata na biyun ne ya fi yawa, amma tunda kin ce gogawa kika yi, ki shirya wa na farkon. Zaren da ya tsage ba ya komawa. Wasu masu wanki suna shafa wani ɗan mai ya kwantar da gashin, wurin ya yi kyau na ɗan lokaci, wanki ɗaya kuma ya dawo.

Zoben da ke kewaye shi ne mai sauƙi, ko da yake shi ya fi ba ki tsoro. In aka jiƙa wuri ɗaya aka bar sauran a bushe, ruwan yana tafiya cikin zaren zuwa waje, yana ɗauke da duk abin da ya narkar: sabulu, gishirin zufa, ɗan rinin da ya saki, da abin da masaƙa ke shafa wa yadi don ya yi tsayi da sheƙi a kanti. Inda ruwan ya tsaya ya bushe, nan yake sauke kayansa, sai ya zama layi. Kamar dai yadda gulbi ke barin shara a iyakar inda ya kai in ya janye. Maganinsa shi ne abin da kike tsoro: a jiƙa rigar duka, lokaci ɗaya, ta bushe lokaci ɗaya, don kada a sami iyaka tsakanin jiƙaƙƙe da busasshe. Wannan ne ma dalilin da ya sa in ruwan alwala ya fantsama a mayafin alharini yakan bar ɗigo, alhali wanke shi gaba ɗaya ba ya barin komai.

Game da rana, ba na son in ƙara miki damuwar da ba ta kai ba. Shanya ta yini ɗaya ba ta ruɓar da riga. Amma cikin zaruruwan da Allah ya halitta, alharini ne ya fi kowanne rashin jure rana, ya fi auduga, ya fi ulu. Hasken yana karya zaren daga ciki, yana mai da fari rawaya, yana cin rini, kuma ɓarnar taruwa take yi, ta yau bisa ta jiya, ba ta raguwa. In yadin yana jiƙe, ko da zufa a jikinsa, abin ya fi sauri, kuma haka naki ya hau igiya: da ruwa, da sabulu, da gishiri. Ni kaina na yi wannan karatu da kuɗina. Shekarun baya na rataye wani mayafin alharini ja a bakin shagona don jan ido, na bar shi tun daga sanyi har bazara. Da na sauke shi, gefen da ke duban titi ya koma kamar ruwan hoda, na ciki yana nan ja wur, kuma da na ja shi kaɗan a kan linkin sai ya tsage ba ko ƙara. Tun ranar foliyesta nake ratayewa a waje.

Kina da ma'auni a hannu, tunda mayafin bai sha wanki ba bai sha rana ba. Ki shimfiɗa shi kusa da rigar a inuwa da safe, ki gwada da kafaɗa da kuma layin da ya hau igiya. In launinsu ɗaya, rana ba ta yi komai ba tukuna. In rigar ta ɗan fi haske, to wannan ya zauna, sai dai a kiyaye gaba.

Ga abin da zan yi da rigar nan in a hannuna take, bi da bi.

Kafin ruwa, mai. Ki shimfiɗa wuyan bisa farin tsumma, ki zuba farar hoda ko garin sitaci busasshe a kan ɗigon da suka yi duhu, ki danna kaɗan da yatsa, ki bar shi ya kwana. Da safe ki kaɗe, kada ki goge. In hodar ta dunƙule ta sha mai, ki sake sau ɗaya ko biyu. Man da ya yi kwana 10 ba lalle ya fita duka ba, amma zai ragu.

Sannan ki gwada rinin. Ki jiƙa farin ƙyalle da ruwan sanyi, ki danna shi a cikin lafin ƙasa inda ba a gani, ki ƙirga 30, ki ɗaga. In ya ɗauko ɗan launi kaɗan, ba komai, alharini mai duhu yakan yi haka. In ya fito tsanwa shar, ko kuma rigar tana da aikin zare mai wani launi, ko duwatsun da aka manna da gam, kada ki wanke a gida. Ki kai firesin da ke wankin da ba na ruwa ba, ki nuna musu wuraren da yatsa, ki ce wannan zufa ce, wannan humra, wannan turaren fesawa, kuma na goge nan da sabulu. Faɗin yana da amfani, domin ruwan maganin da suke wanki da shi mai yake narkarwa, ba ya fitar da gishirin zufa sai an bi wurin dabam. Ki tambaye su kuma ko da gaske suna da injin, don akwai wuraren da sunan ne kawai, a baya da ruwa da garin sabulu ake yi.

In rinin ya riƙe, ki samo roba mai faɗi mai tsabta, ki zuba ruwa kamar lita 5. Ruwan ya zama mai sanyi, kada ya wuce digiri 30. Ki kula da wannan, don a bazara ruwan famfo ko na jarka da ya sha rana yakan fi haka nesa, kuma ruwan zafi yana sakin rini. Na randa ya fi, ko ki yi aikin da sassafe. In ruwan unguwarku irin mai barin ja a bokiti ne ko farin ɓawo a buta, ki yi amfani da na leda, rigar ta cancanci wannan kuɗin. Ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na shamfun jarirai ki motsa ya narke kafin rigar ta shiga. Ba garin sabulu, ba sabulun salo, ba kanwa, jabel kuwa ko kusa, domin jabel narkar da alharini yake yi ɗungum, in kin jefa zare a ciki za ki dawo ki tarar babu shi. Ki juya rigar ciki waje, ki nutsar da ita duka, ki riƙa dannawa da tafin hannu kina ɗagawa. Hammatar ki matsa ta a hankali cikin tafinki ki saki, ruwan ya shiga ya fita, kada ɓangare ya gogi ɓangare. Minti 3 zuwa 5 ya isa. Kada ki jiƙa ta ki tafi ɗora tukunya.

Ki ɗauraye sau biyu da ruwa mai sanyi iri ɗaya. A na uku ki zuba babban cokali ɗaya na farin binegar cikin lita 5, ki bar ta minti ɗaya. Wannan ɗan tsamin yana kashe kaifin sabulun da na tsohuwar zufa, yana taimaka wa rinin ya zauna, kuma wani lokaci, in launin hammata juyawa kawai ya yi bai fita ba, za ki ga ya ɗan dawo. Ban yi miki alkawari ba, amma na sha gani. Farin binegar nake nufi, ba ruwan tsamiya ko lemun tsami ba, waɗannan suna da launi da zaƙin da za su bar nasu tabon. Warin yana tafiya in ta bushe.

Kada ki murɗe. Ki ɗago ta da hannu biyu, ki shimfiɗa bisa farin tawul, ki naɗe su tare kamar tabarma, ki danna, ki warware. Sai ki shimfiɗa ta bisa wani busasshen tawul ko zane a cikin ɗaki inda iska ke wucewa. A iskar Maraɗi ba za ta daɗe ba. Ki yi guga tun tana da sauran ɗan danshi, ta ciki, da farin ƙyallen auduga tsakaninta da dutsen. In na lantarki ne, ki tsaya a alamar ɗigo ɗaya da ke jikin dutsen, wato wajen digiri 110, kada ki wuce ɗigo biyu, wanda shi ne 150. In na gawayi ne, ki bari ya huce, ki gwada a kan lafin ciki tukuna. Kada ki yayyafa ruwa da hannu ko da baki yadda ake yi wa atamfa, kowane ɗigo zobe ne sabo. Kuma in za ki ba mai wanki da guga, ki gaya masa da bakinki cewa ba a sa mata sitaci, ba a kai ta wurin bugu. Hannunsu ya saba da shadda, ita kuwa shadda auduga ce, duka ma ƙara mata sheƙi yake yi.

Abin da nake sa ran za ki gani bayan wannan: zoben ya tafi, ko ya rage kaɗan ƙwarai. Taurin sabulu ya tafi. Ɗigon mai ya dusashe. Launin hammata wataƙila ya gyaru rabi. Ɗigon da alkol ya cinye da farin da gogawa ta jawo suna nan.

Waɗannan biyun aikin tela ne. Sa'arki ɗaya, duk a wuya da hammata suke. Wuya yana ɗaukar aiki: tela mai hannu zai iya bin sa da zare ko leshi mai launin da ya dace ya rufe ɗigon, har a ce da haka aka ɗinko ta. Ki ce masa ya sa siririyar allura sabuwa, kuma kada ya yi ta farkewa yana sakewa, don ramin allura ba ya rufewa a alharini. Hammata kuwa, kafin a yi komai ki sa yatsu biyu ki ja yadin wurin a hankali. In ya yi ƙarfi kamar sauran, a bar shi, hannu da mayafi suna rufe shi. In kin ji ya yi laushi kamar zai buɗe, gara a yanke wurin yanzu a sa ƙyalle daga lafin ƙasa ko daga bakin mayafin, tun bai tsage miki a tsakiyar taro ba. Wasu za su ce ki kai a sake rina ta baƙa. Rini yana iya rufe inda launi ya fita, amma wurin da zaren ya tsage zai ci gaba da nuna kansa ko cikin baƙi, kuma marinar da ta saba da shadda tana aiki da soda mai kaifi da ruwan zafi, wanda zai iya ƙarasa rigar. Ni ba zan kai ba.

In kin gama, kada ki mai da ita cikin ledar da ta zo da ita. Ki naɗe ta cikin tsohon farin zane na auduga wankakke, ki sa a ƙasan akwati nesa da taga, ba saman kaya kusa da kwanon rufi ba inda zafi ke taruwa. Duk bayan ƴan watanni ki fiddo ki sake linkin ta wani wuri, musamman bayan damina. Mayafin ma ki duba shi yau ɗin nan, wajen da ya zauna a wuya da gefen fuska. Ya sha zufa da humra iri ɗaya da rigar, ko da bai nuna ba tukuna, don haka ki yi masa gwajin farin ƙyallen, ki wanke shi a ruwansa dabam kafin ki wanke rigar, hannunki ya fara sabawa da ƙaramin.